Abin da Sabis Ya Cinye: Saƙon da Ake Aikawa Bayan Intabiyu Ya Yi Ta Katsewa

Mai neman aikin da aka yi wa intabiyu ta bidiyo yakan tashi daga gaban kwamfuta da tabbacin cewa ya amsa tambayoyi shida. Su kuwa waɗanda suka yi masa tambayoyin, in sabis ya yi ta wasa da kiran, wataƙila amsa huɗu da rabi ce ta shiga takardunsu. Bai sani ba, domin shi ya ji kansa tun daga farko har ƙarshe. Mai magana ba ya jin giɓin da ke cikin maganarsa, mai sauraro ne ke jinsa, mai sauraron kuma sau da yawa kunya ko ƙurewar lokaci kan hana shi cewa a maimaita a karo na uku.

Manyan ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da masu ba da tallafin karatu sukan yi intabiyu bisa tsari guda: kwamiti na mutum biyu zuwa huɗu, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, da takarda a gaban kowane ɗan kwamiti wadda yake ba da maki a kanta. Abin da ya ji shi yake ba wa maki. Amsar da ta fito daga bakinka amma ta maƙale a hanya, a takardar nan daidai take da amsar da ba ka bayar ba. Shi ya sa saƙon da ake aikawa bayan irin wannan ganawa yake da aiki takamaimai, wato mayar da abin da ya zube inda ya kamata ya kasance, kafin a tattara maki. Godiya da ban haƙuri suna shiga ciki, amma a gefe suke.

Me ya sa magana ke ɓacewa ba ta dawowa

Wanda ya saba da saƙon murya na WhatsApp ya san cewa ko sabis ya yi rauni, saƙon zai jira, in ya tafi kuma zai isa cikakke. Kiran kai tsaye ba haka yake ba. Manhajar tana yanka murya ƙanana-ƙanana, kusan yanki hamsin a kowace daƙiƙa, ta tura su ɗaya bayan ɗaya. Yankin da ya makara ko ya ɓata a hanya ba a tsayawa jiransa, domin in aka tsaya hirar ba za ta yiwu ba. In kaɗan ne suka ɓata, manhajar kan cike gurbin da dabara, sai muryar ta yi kama da ta mai magana cikin gwangwani. In suka yi yawa sai shiru, jimla biyu ko uku su tafi ke nan.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Hanyar da ke kawo maka maganarsu daban take da wadda ke kai musu taka. A sabis ɗin waya, saukowa ta fi hawa ƙarfi, saboda turken sadarwa yana da ƙarfin aikawa da wayar hannu ba ta da shi. Don haka kana iya jin su tas, kana ganin fuskokinsu suna motsi, alhali kai ka daskare a allonsu da baki buɗe. Wannan shi ne katsewa mafi haɗari, don ba ya nuna kansa. Wanda kiran ya faɗi gaba ɗaya har sai da ka sake shiga, wannan kowa ya gani, kuma yawanci sukan ce ka koma baya kaɗan.

Dalilan katsewar a wajenmu sanannu ne. An ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu kafin janareto ya tashi. Ko kuma mutum ya raba data daga wayarsa zuwa kwamfuta, sai ga kiran wani ɗan'uwa ya shigo: wayoyi da yawa kan sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G don karɓar kiran, datar kuma ta yi rauni ko ta tsaya cak har sai an katse. Wani lokaci ma matsalar ta fi ƙarfin gari guda. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Ghana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Duk wanda aka sa wa intabiyu a wannan makon ya ga ta kansa. Sannan akwai katsewar da ba ta sabis ba ce sam: wanda ya shirya taro da Zoom na kyauta, minti 40 yake da shi, in sun cika kowa da kowa za a fitar a lokaci guda.

Gano inda ramukan suke

Aiki mafi wuya a wannan saƙo ana yinsa ne kafin a rubuta kalma ɗaya. Da zarar an rufe kiran, kafin ka kira gida ka ba da labari, ɗauki takarda ka jera tambayoyin da aka yi maka bi da bi. Minti goma sha biyar na farko su ne lokacin da kake tuna su daidai. A gaban kowace tambaya rubuta abin da ka faɗa a taƙaice, sannan ka tambayi kanka ko akwai alamar cewa ya isa.

Alamomin ba su da wuyar ganewa in an san su. Ta farko ita ce rubutun da manhajar ke nunawa, irin na Zoom mai cewa `Your internet connection is unstable`. Duk abin da ka faɗa daga daƙiƙu kaɗan kafin rubutun ya fito har zuwa ɓacewarsa, ka ɗauka da shakka. Ta biyu, fuskoki su tsaya cak, sannan su dawo suna motsi da sauri kamar ana tura fim gaba. A nan akwai abin lura: in mutum uku ne a wurare daban-daban kuma duk suka daskare tare, matsalar daga wajenka take, kuma mai yiwuwa su ukun ba su ji ka ba. In ɗaya ne kawai ya daskare, shi ne ya rasa maganar, sauran sun ji.

Sauran alamomin a bakin mutane suke, kuma a ganina sun fi na allo amfani. An yi maka tambayar da ka riga ka amsa minti biyu da suka wuce. Ka faɗi wani abu mai nauyi, adadi ko sakamako, ba wanda ya gyaɗa kai, ba wanda ya sunkuya ya rubuta. Ka gama magana an yi shiru mai ɗan tsawo, sai shugaban kwamiti ya ce, "To, mun gode, bari mu je ta gaba." Ko kuma wani ya taƙaita amsarka da kalmominsa, ka ji taƙaitawar ta tsaya a rabin hanya. Wannan ta ƙarshe kyauta ce aka ba ka, don ta nuna maka daidai inda zaren ya tsinke.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne kawai na tsara, ba labarin wata sananniya ba. Wata ma'aikaciyar sito a Azare, mai kula da ajiyar magunguna, tana neman aikin jami'ar kaya a wata ƙungiyar lafiya. An sa mata intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma na safe, minti talatin, mutum biyu a Abuja, ɗaya a Nairobi. Kiran ya sami matsala sau huɗu.

Na farko tun ana gaisawa, tana faɗin sunanta da makarantar da ta yi. Wannan duk yana cikin takardun da ta aika. Ba asara.

Na biyu, an tambaye ta ko ta taɓa aiki da manhajar mSupply, wadda ake lissafin magunguna da ita. Abin da ta ce shi ne: "Ban taɓa aiki da ita ba, amma shekara uku ke nan ina riƙe da lissafin sitonmu a Excel, da lambar kowane rukuni da ranar lalacewarsa, kuma ni na koya wa mutum biyar da ke aiki a ƙananan asibitocin da muke kai wa kaya." Allon ya daskare bayan kalmomi shida na farko. Da ya dawo, sai ta ji mutumin Nairobi yana cewa ba komai, ana koyarwa. Abin da ya shiga takardarsa ke nan: ba ta iya ba.

Na uku ya zo a tambayar da irin waɗannan kwamitoci suka fi so, wato ta ba da labarin wata matsala da ta fuskanta a wurin aiki da yadda ta warware ta. Ta yi bayanin yadda magunguna ke lalacewa a bayan kanta saboda ana ɗaukar na gaba-gaba. Tana cikin faɗin abin da ta yi, kiran ya faɗi gaba ɗaya, sai da ta sake shiga. Ta dawo a rikice, suka ce ta ci gaba, ta ci gaba daga inda take tsammanin ta tsaya, alhali jimloli uku kafin nan ba su isa ba. Sun ji matsalar, sun ji ƙarshen labarin, ba su ji matakin da ta ɗauka ba, shi kuwa matakin shi ne abin da ake ba wa maki.

Na huɗu a ƙarshe, da aka tambayi yaushe za ta iya fara aiki. Ta ce sai ta ba wa wurin aikinta na yanzu sanarwar wata guda. Murya ta ɗan yi rawa, ba wanda ya maimaita, ba ta da tabbas.

Cikin huɗun nan, biyu ne dole su shiga saƙo da cikakken bayani, na biyu da na uku. Na huɗu layi guda ya ishe shi, domin kuskure a ranar fara aiki na iya jawo rigima daga baya. Na farko a bar shi. Ma'aunin da nake ba da shawara a kai shi ne: shin in ba su ji wannan ba, makina zai canza, ko za su fahimci akasin abin da na ce? In amsar a'a ce, ba shi da gurbi a saƙon. Rabin jimlar da ta juya ma'ana ita ce a sahun gaba, sai adadi da kwanan wata, sai mataki da sakamako a cikin labari.

Saƙon kansa

Ana rubuta shi da harshen da aka yi intabiyun, Turanci ko Faransanci ko Hausa. Ga yadda nata zai kasance a Hausa:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Na gode da damar da kuka ba ni ta ganawa da kwamiti yau Talata da ƙarfe goma, kan aikin jami'ar kaya. Kiran ya katse daga wajena a wasu wurare, kuma ina jin sassan amsoshi biyu ba su iso gare ku ba. Na rubuto su a taƙaice kamar yadda na faɗe su, in tsarinku ya yarda a miƙa wa 'yan kwamitin.

Kan tambayar mSupply: ban yi aiki da ita ba, amma shekara uku ina riƙe da lissafin sitonmu a Excel, da lambar rukuni da ranar lalacewar kowane magani, kuma na koya wa ma'aikata biyar yin haka.

Kan matsalar lalacewar magunguna: matakin da na ɗauka shi ne na sake jera kantoci ta yadda wanda zai riga lalacewa shi ke fita da farko, na kuma fara ƙirga kaya a ƙarshen kowane wata. Abin da muke zubarwa ya sauko daga kwali 11 a wata uku zuwa kwali 2.

Game da fara aiki, ina buƙatar ba da sanarwar wata guda a inda nake yanzu.

In kwamitin na son jin wani sashe daga bakina, ana iya samuna a waya gobe ko jibi daga ƙarfe tara zuwa huɗu, agogon Nijeriya. Na gode."

Duka-duka bai kai kalma ɗari biyu ba, kuma kowane yanki da dalilinsa. Layin farko ya faɗi rana da lokaci da sunan aikin, domin wadda ta shirya ganawar wataƙila mutum takwas ta shigar a ranar, kuma ba aiki ɗaya take nema wa ma'aikaci ba. Batun katsewar jimla ɗaya aka ba shi. Ba a kawo labarin wutar da aka ɗauke ba, ba a ambaci kamfanin waya ba, ba a yi rantsuwa cewa jiya sabis ɗin lafiya lau yake ba. Mutanen nan suna wurin, sun gani.

Kowace amsa ta fara da sunan tambayarta. Wannan ƙaramin abu ne mai babban amfani, don ɗan kwamiti yana da takarda mai layi-layi, tambaya ta uku a nan, ta biyar a can. In ka ce "kan tambayar kaza", ka nuna masa layin da zai duba. In kuwa ka zubo bayanin a dunƙule, ka bar masa aikin rarrabewa, kuma ba lallai ya yi ba.

A lura kuma ba ta ɓoye rabin da bai yi mata daɗi ba. Ta sake cewa ba ta yi aiki da manhajar ba, sannan ta kawo sauran. Da ta tsallake wannan ta fara daga Excel, mutumin Nairobi zai ga kamar tana son shafe abin da ya ji da kunnensa. Adadin kuma ta rubuta shi da lamba, 11 da 2, saboda lamba ce abin da murya mai rawa ta fi ɓatawa, ita ce kuma ido ya fi saurin kamawa a rubuce.

Sai wannan gaɓa: "in tsarinku ya yarda". Ba ladabi kawai ba ne. Wasu ma'aikatu, musamman na gwamnati da manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ba sa karɓar ƙarin bayani bayan an rufe intabiyu, don kada wani ya sami damar da sauran ba su samu ba. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ita ta san dokar gidansu. Ka bar mata hukunci, kada ka sa ta a tsaka mai wuya.

Iyakar da ba a tsallakewa

A nan ne mutane da yawa ke zamewa, kuma zamewar tana da daɗi. Bayan intabiyu, amsoshi masu kyau sukan yi ta zuwa wa mutum, a kan hanya, a wurin cin abinci, har cikin dare. Ga kuma ƙofa a buɗe: sabis ya katse, wa zai san abin da na faɗa da wanda ban faɗa ba? Sai a zauna a rubuta sabuwar amsa mai sheƙi, a ce ita ce ta ɓata.

Ban da cewa ƙarya ce, dabara ce mai rauni. Ba ka san iyakar abin da suka ji ba. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ya ji ka sarai lokacin da kake cewa kwali shida, yanzu ga shi a rubuce ka ce biyu. Wasu wuraren ma suna naɗar ganawar ko su kunna rubutun da manhaja ke yi na abin da ake faɗa. Kuma ko ba wannan, tsawon katsewar sananne ne. Wanda ya ɓace na daƙiƙa ashirin ba zai dawo da shafi guda ya ce duk a ciki ya faɗe shi ba. Abin da ka maido ya yi daidai da girman ramin.

In akwai abin da ka manta ba ka faɗa ba kuma kana ganin yana da muhimmanci, akwai hanyar gaskiya: ka ware shi, ka kira shi da sunansa. "Akwai abu ɗaya da ban ambata ba a ganawar, in yana da amfani." Guda ɗaya, ba uku ba. Haka nan in kuskure ka yi, ka faɗi shekarar da ba ita ba ko adadin da ba daidai ba, ka ce gyara ne, kada ka ɗora wa sabis. Kwamitin na iya ƙin duba ƙarin, amma ba za su zarge ka da wayo ba.

Wani kuskuren kuma na masu yawan ban haƙuri ne. Mu mutane ne masu ladabi, kuma mai nema yakan ƙasƙantar da kai. Sai ka ga saƙo ya fara da sakin layi biyu na neman afuwa da roƙon a duba halin da ake ciki, a taimaka don Allah, abin da ake son faɗa kuma yana can ƙasa inda mai karatu a waya ba zai kai ba. Irin wannan saƙo yana sa a tuna da kai a matsayin wanda sabis ya wahalar. Wanda ya faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya ya wuce ga aiki, ya nuna wa kwamitin yadda zai yi ranar da rahoto ya maƙale ko mota ta lalace da kaya a hanya. Ga mai neman aikin da za a yi daga nesa, wannan ma wani sashe ne na jarrabawar, ko ba a faɗa ba.

Ga wa, ta ina, kuma yaushe

A aika wa wanda ya turo gayyatar, ta hanyar da ya turo ta. In imel ne, a buɗe saƙon gayyatar a danna `Reply`, don sabon ya zauna a ƙarƙashin tsohon da sunan aikin a samansa. In 'yan kwamitin suna cikin waɗanda aka sa a gayyatar tun asali, `Reply all` ba laifi ba ne. Abin da ba a yi shi ne farautar lambar wani ɗan kwamiti ta hannun abokin aboki a tura masa saƙo a keɓe. Ko da niyya mai kyau, kamannin neman alfarma gare shi, kuma yana iya jefa mutumin cikin matsala a ofishinsu.

In ƙaramin kamfani ne da ya kira ka ta WhatsApp tun farko, to a can za ka amsa, amma a rubuce. Saƙon murya na minti huɗu ba a iya duba shi da ido a ciro adadi, ba a iya liƙa shi a fayil, kuma mai ofis ba zai kunna shi a gaban mutane ba. Kada kuma a haɗa takardu barkatai. Satifiket da wasiƙun yabo suna wurinsu tun ranar da aka nemi aikin, sai dai in a cikin ganawar an nemi wata takarda.

Lokaci kuwa, a ranar. Shawarar da aka saba ji ita ce a aika saƙon godiya cikin kwana guda, amma wannan saƙon ya fi na godiya gaggawa. Kwamitoci da yawa suna ba da maki nan take bayan mai nema ya fita, su zauna su daidaita a ƙarshen yini ko bayan mutum na ƙarshe. Awa ɗaya zuwa uku bayan ganawar shi ne daidai: ka sami lokacin hucewa da tantancewa, su kuma ba su rufe takarda ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A kuma duba agogonsu. Nairobi tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, don haka ƙarfe uku na rana a Azare ƙarfe biyar ne a can, mutum yana haɗa jakarsa. Accra tana baya da awa ɗaya. Landan kuwa agogonta ɗaya da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya.

In har yanzu sabis ɗin bai dawo daidai ba, a rubuta saƙon a ajiye, a fita neman inda zai tafi. Imel marar hoto ba ya cin komai, ko 2G na iya kai shi. Bayan an tura a leƙa `Sent` a tabbatar ba ya zaune a `Outbox`, don sabis ɗin da ya ci magana da safe zai iya riƙe wasiƙa da rana.

Lokacin da rubutu ba zai isa ba

Akwai ganawar da ta lalace fiye da yadda saƙo zai gyara. In tambaya guda ko biyu sun wuce ba ka ma ji su ba, ko kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya tafi a fita da shiga, ko kuma aikin na magana ne, kamar koyarwa ko tafinta ko hulɗa da jama'a, inda yadda kake bayani shi ne abin da ake aunawa, to rubutu ba zai maye gurbin murya ba. A nan sai a nemi ƙarin lokaci kai tsaye, amma a nemi kaɗan. Wanda ya ce a sake intabiyun daga farko yana neman a tara mutum uku na rabin awa. Wanda ya ce a ba shi minti goma kan tambaya ta huɗu da ta biyar ya sauƙaƙa musu cewa to.

A faɗi kuma abin da zai bambanta a karo na biyu, don ba wanda ke son maimaita wahalar. Kiran waya na yau da kullum shi ne mafi tabbas. In dole sai ta manhaja, a nemi izinin kashe kyamara bayan gaisuwa. Bisa ƙiyasin Zoom, bidiyo tsakanin mutum biyu na buƙatar kusan kilobit 600 a daƙiƙa ta kowace fuska, murya kaɗai kuwa 60 zuwa 80, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas ko goma. Layin da ya kasa ɗaukar hoto sau da yawa yana ɗaukar murya ba gargada. A tanadi layi na biyu na wani kamfanin daban, a cika caji, wayar da ke ba da data kuma a faɗa wa mutanen gida kada a kira ta. Mai son ya gwada wurin da zai zauna tun kafin lokaci, a Zoom na kwamfuta akwai `Statistics` a cikin `Settings`, inda ake ganin `Packet loss` yayin da ake cikin kira. In ta fuskar aikawa ya wuce kashi biyu cikin ɗari yana ta hawa, a sauya wuri ko layi.

Amsar da za ta dawo iri uku ce. Ko a ce an miƙa wa kwamiti, ko a ce doka ba ta yarda ba amma an lura da matsalar, ko a yi shiru. Ta biyun ba ƙi ba ce, kuma ba a jayayya da ita: layi ɗaya na godiya ya wadatar. Shiru ma ba ya nufin ba a karanta ba, jami'an ɗaukar ma'aikata da yawa ba sa amsa komai sai an kammala da kowa. Kada a sake tura saƙon washegari da "ko kun gani?" a samansa. In sun faɗi ranar da za a ji sakamako, a jira ta wuce da kwana biyu ko uku na aiki. In ba su faɗa ba, a ba su mako guda zuwa kwana goma, sannan a yi tambaya a gajarce a ƙarƙashin wancan saƙon, kan matsayin neman kawai, ba tare da sake jero amsoshin ba.